Hawan jinin da muka gano a jikin Malam a ƙofar gida

Malam maƙwabcina ne a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, shekarunsa 67. Ni kuma jami'in lafiya ne, awon jini na cikin aikina na kullum. Na rubuta yadda al'amarinsa ya kasance da izininsa, saboda yawancin masu hawan jinin da ke zuwa wurinmu ta wannan hanyar suke biyowa: suna jiran jiki ya gaya musu, alhali cutar ba ta cika yin magana ba.

Malam ya daɗe yana fama da ciwon kai. Wani lokaci ya ce rana ce, wani lokaci ya ce zirga-zirgar fansho ce, ko kuma rashin barci. Yakan aiki jikansa kemis a sayo masa ƙwayoyi, kusan kullum sai ya sha. Da wata Asabar na fito da na'urata don auna dattawan majalisarmu bayan la'asar, shi ne ya fi kowa ja da baya. Ya ce, "Likita, ni fa yau kaina garau yake, bari sai ranar da ya tashi." Na ce, "Malam, ai yau ɗin ce ta fi dacewa. Zauna mu gani."

Ban ɗaura masa nan take ba, domin awon da aka yi cikin gaggawa ba ya da amfani. Na fara tambayarsa ko ya ci goro, ko ya sha shayi mai kauri ko kofi ko taba cikin rabin awar da ta wuce, ya ce a'a. Na tambaye shi ko yana jin fitsari, don mara idan ta cika tana ɗaga lamba. Sannan na ɗauke shi daga kan tabarma na zaunar da shi a kujera mai majingina, ƙafafunsa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, ya huta minti 5. Ya tuɓe babbar riga, domin idan aka naɗe hannun riga ya shaƙe damtse, awon zai lalace. Na ɗora hannunsa kan tebur yadda damtsen ya yi daidai da ƙirji, na ɗaura madaurin kimanin yatsu biyu sama da gwiwar hannu, ba sako-sako ba, ba kuma a matse ba. Girman madaurin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ya yi wa mai ƙiba kaɗan, na'ura za ta nuna lamba sama da gaskiya, a tsorata mutum a banza. Abu mafi wuya shi ne hana Malam magana, don malamin makaranta ne, amma magana a lokacin awo tana ƙara lamba.

Na'urar tana nuna lambobi uku. Ta sama, inda aka rubuta SYS, ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta buga. Ta tsakiya, DIA, ita ce ƙarfinsa lokacin da zuciya ta saki tsakanin bugu biyu. Ta ƙasa yawan bugun zuciya ne a minti guda, mutane da yawa suna rikita ta da awon jini. Hannun dama na Malam ya nuna 178 bisa 104, na hagu 174 bisa 102. A karon farko ana auna hannu biyu, sannan a ci gaba da amfani da wanda ya fi sama. Bayan minti 2 na sake aunawa a dama, ya ba da 172 bisa 100. Iyakar da ake kira hawan jini a awon asibiti ita ce 140 bisa 90, ko da ɗaya ce daga cikin lambobin ta kai.

Malam ya dubi na'urar ya ce, "To ai ban jin komai." Wannan ita ce maganar da na fi so mai karatu ya tsaya a kanta. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, shekara da shekaru. Ciwon kai ba ma'auni ba ne: akwai mai 180 da kansa bai taɓa sarawa ba, akwai mai ciwon kai kullum da jininsa yake daidai. A cikin shirun nan jijiyoyin jini suna taurara, zuciya tana kauri saboda tura jini da ƙarfi, ƙoda tana lalacewa a hankali, ƙananan jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa suna raunana. Sau da yawa alamar farko da iyali ke gani ita ce shanyewar ɓarin jiki, a ce ai jiya lafiya lau aka rabu da shi.

Kafin in bar shi ya shiga gida sai da na yi masa tambayoyin da ke raba mai jira da mai gaggawa. Ko yana jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi? Ko ganinsa ya dushe farat ɗaya? Ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe? Ko akwai matsanancin ciwon kai da amai? Da awon ya kai 180 bisa 120 tare da ɗaya daga cikin waɗannan, da a lokacin za mu nufi sashen gaggawa. Karkacewar baki, nauyin gaɓa ko ciwon ƙirji kuwa, ko nawa na'ura ta nuna ba a kwana da su a gida. Malam ba ya da ko ɗaya. Ban ba shi wata ƙwaya don ta sauke jinin nan take ba, kuma na hana abokinsa da ya miƙo tasa daga aljihu. Faɗo da jini da sauri a jikin dattijo na iya rage wa ƙwaƙwalwa jinin da ta saba samu.

Awo na rana guda ba ya yanke hukunci, don haka na sake auna shi washegari da safe da yamma, muna rubutawa a wani tsohon littafinsa na makaranta. Lambobin ba su sauka ƙasa da 164 bisa 96 ba. Ranar Litinin ya tafi asibiti da littafin da kuma ledar ƙwayoyin da yake sha. An duba fitsarinsa aka ga ɗan furotin, alamar ƙoda ta fara jin jiki. Gwajin jini na aikin ƙoda da na suga sun fito daidai. Gwajin zuciya da aka yi masa ya nuna alamun bangon zuciyar na hagu ya yi kauri, wanda ke nuna hawan jinin ya daɗe, ba na bana ba ne. Likita ya rubuta masa amlodifin miligiram 5 da losatan miligiram 50, sau ɗaya a rana.

Ledar nan ta bayyana abu da yawa. A cikinta akwai diklofenak da ibufurofen, da wani haɗin maganin ciwon kai mai sinadarin kofi. Diklofenak da ibufurofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma haɗa su da losatan yana wahalar da ƙoda. Sannan akwai abin da mutane ba su cika sani ba: shan maganin ciwon kai kusan kullum shi kansa yana haifar da ciwon kai, mutum ya sha ya samu sauƙi, washegari ya dawo. Likita ya sa ya daina su duka, ya bar masa farasitamol kawai, shi ma sai in ya zama dole, ba kullum ba. Kwanakin farko kan ya ƙara tsanani, daga baya ya fara lafawa. Ya kuma je aka sake masa tabarau, don wanda yake karatun jarida da shi tun yana aiki ne. Wato ciwon kan da ya yi ta fama da shi yana da nasa dalilan, hawan jinin kuma yana gefe yana ɓarnarsa shiru.

Batun abinci da Hajiya uwargidansa muka yi shi, don ita ke da tukunya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Hajiya ta ce ita ba ta cika gishiri ba, kuma gaskiya ta faɗa. Amma a miyar kuka guda tana sa dunƙule da yawa, ga kanwa, ga yajin da Malam ke barbaɗawa a kan komai, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Kanwa tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ke ɗaga jini, ko da ba a ji ɗanɗanonsa ba. Muka tsara ta rage dunƙule zuwa rabi, ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, ta daka masa yaji daban marar gishiri. Ragewa a hankali ta fi ɗorewa, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Malam kuma ya fara tafiyar rabin awa bayan asuba, kafin rana ta yi zafi.

Bayan wata guda awon ya sauko 148 bisa 90, likita ya ɗaga amlodifin zuwa miligiram 10. A nan aka samu tangarɗa. Idon sawunsa ya fara kumbura da yamma, takalmi yana matse shi. Wani ya ce masa maganin ne ke taɓa masa ƙoda, wani ya ce zoɓo da tafarnuwa sun isa. Ya ajiye ƙwayoyin bai gaya wa kowa ba, tunda kai ya daina ciwo. Da na auna shi bayan mako biyu, na'ura ta nuna 170 bisa 100. Na ce, "Malam, tsakani da Allah, kana shan maganin?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na ga na warke ne, Likita."

Na yi masa bayani cewa kumburin sawu sanannen abu ne ga amlodifin, musamman a miligiram 10, saboda yana buɗe ƙananan jijiyoyi ruwa ya taru a ƙasa. Ana gyara shi da sauya yawan maganin ko a canza wani, amma likita ne zai yi, bayan ya tabbatar kumburin ba daga zuciya ko ƙoda yake ba. Zoɓo marar suga yana iya ɗan rage lamba, amma ba zai sauke 170 zuwa inda ake so ba. Maganin kuma ba ya kawar da cutar, riƙe ta yake yi, kamar dai tabaraunsa: yana cirewa rubutu zai koma dishi-dishi.

Ya koma asibiti, likita ya mayar da amlodifin miligiram 5, ya ɗaga losatan zuwa 100, ya sa a sake gwajin ƙoda bayan mako biyu, kamar yadda ake yi duk lokacin da aka ƙara irin wannan maganin. Kumburin ya sauka. Muka ɗaure shan ƙwayar da sallar asuba don kada ya manta, kuma yana sayen na wata mai zuwa tun saura na mako guda. Da azumi ya matso, ya tambayi likita tun kafin a ga wata, aka daidaita masa lokacin sha zuwa bayan buɗa-baki.

Yanzu 'ya'yansa sun saya masa na'ura irin ta damtse, wadda ta fi ta wuyan hannu aminci, muka gwada ta da tawa suka yi daidai. A awon gida ana so lamba ta tsaya ƙasa da 135 bisa 85, tasa kuma tana yawo wajen 132 bisa 82. Da aka auna Hajiya da babban ɗansu, Hajiya ta fito daidai, ɗan kuwa mai shekara 41 ya nuna 150 bisa 96, an ba shi ranar komawa don a sake aunawa.