Daga Madani zuwa Gadarif: lissafin damina a gonar wata tsohuwa

Mun bar Wad Madani a ƙasar Sudan da asuba a ƙarshen watan Yuli, muka wuce Fau, kafin azahar muna Gadarif. Daga nan sai babbar mota zuwa wani ƙauyen Hausawa a kudu da gari. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce. Da rani takan dare har hannu ya shige, in ta sha ruwa kuma mota ba ta motsi. Ranar ƙura muka sha a hanya, abin da direba ya ce bai dace da watan ba.

Mai masaukina ya kai ni gonar wata tsohuwa mai faddan 5 (faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne). Na same ta da jikarta, budurwa 'yar sakandare, suna gardama a bakin gona.

Manoman Sudan suna ƙirga damina, wadda suke kira kharif, da taurari, kusan kowanne kwana 13. Dura'a na shiga 9 ga Yuli, Natra 22 ga Yuli, Tarfa 4 ga Agusta, Jabha 17 ga Agusta. Tsohuwar ta ce da tana amarya, Dura'a kan tarar da dawa ta tsiro. "Yanzu kuwa, ɗan nan, ga Natra ta raba, iri na cikin buhu." Jikar ba ta yarda da tuni kawai ba. Ta kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a kan turke, nesa da bishiya da rufin ɗaki, duk safiyar da aka yi ruwa ta tsoma rula ta rubuta milimita da kwanan wata. A littafinta ranar ruwan shuka tana ja baya shekara bayan shekara. Shekaru kaɗan ba su isa a yanke wa sama hukunci ba, amma sun isa mutum ya sake dabara.

"Kishiyata ta mayar da ruwan Allah lissafi," in ji tsohuwar.

"Kaka, ba ke kika yi shuka sau biyu bara ba?"

Abin da ya faru bara shi ne yayyafin farko, wanda suke kira rushash, ya ruɗe ta. A irin wannan laka ruwan farko yakan zurare cikin tsaga, sama ta jiƙe kamar yatsa biyu, ƙasa na nan a bushe. Iri ya tsiro, sai aka yi kwana goma ba ɗigo, tsiron ya ƙone. Yanzu ba sa fitar da iri sai tsagar ƙasa ta rufe, sun haƙa taƙi guda, sun dunƙula ƙasar can ciki ta kama ba ta warwatse ba. Sannan su bi da saluka, sandar shuka mai wurin taka ƙafa, rami santimita 3 zuwa 5, ƙwaya uku ko huɗu, bayan mako biyu zuwa uku a rage ya koma biyu.

Inda na fi tsayawa shi ne lissafin da yarinyar ta yi mini a ƙasa da tsinke, domin ita daga ƙarshen damina take ƙirgowa. Ruwa yakan ja baya wajen ƙarshen Satumba. Idan shuka ta kai farkon Tarfa, saura kwana 57 ke nan. Dawar da tsohuwar ta gada tana cin wata huɗu, ba ta fid da kai sai ta haura kwana 70, wato tsakiyar Oktoba, ruwa ya riga ya ɗauke. Kara zai yi tsawo, zangarniya ba nauyi. Iri mai saurin nuna irin su Arfa Gadamak yakan yi fure wajen wata biyu, daidai lokacin da laka ke riƙe da danshi, da shi ƙwaya za ta cika.

Akwai kuma masah, ɗan ƙwaron da ke ƙwai cikin furen dawa. Yakan hayayyafa a gonakin da suka riga fure, ya taru a kan wadda ta makara. Tsohuwar ta ce in ka ga kai ya tsaya fanko, ka matse ƙwayar da farce: idan jan ruwa ya fito, shi ne, ba ƙishirwa ba. Riɗi kuwa sun haƙura da shi bana, don ƙaramin tsironsa ba ya jure kwanciyar ruwan Agusta a laka.

Sun daidaita a kan faddan 4 na iri mai sauri, ɗaya na tsohon iri, don tsohuwar ta ce asidarsa, wato tuwonsa, ba a haɗa ta da kowa, kuma ba a hannunta zai ɓace ba. Daren da zan tafi hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa. Motar Gadarif ba ta iya shigowa ba sai bayan kwana biyu, na tako cikin laka zuwa bakin hanya, na bar su suna haƙa rami a gefen gona.