Yadda na cire yara daga aikin dare a gidan burodina a Tawa

Shekara tara ke nan ina riƙe da gidan burodi a Tawa, kuma a shekaru bakwai na farko tambaya ɗaya nake yi kafin in ɗauki yaro aiki, wato ko zai iya jure zafin tanda. Shekarunsa ba su dame ni ba, balle in zauna in ƙirga awa nawa yake samu ya yi barci. Abin ya canza ne a wani dare cikin sanyin hunturu, wajen ƙarfe 3, lokacin da ɗan ƙanwata, wanda uwarsa ta kawo mini daga ƙauye don ya koyi sana'a, ya yi gyangyaɗi a tsaye yana jawo faranti daga tanda, gefen ƙarfen ya kwanta masa a damtse. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma sai da muka je asibiti, kuma a can ne malamin da ya wanke ciwon ya tambaye ni shekarun yaron da abin da yake yi a gaban wuta a irin wannan lokaci. Na ce sha biyar ko sha shida, domin ni kaina ban tabbata ba.

Bayan kwana biyu na tafi da ƙafata ofishin masu sa ido kan harkar ƙwadago, na zayyana wa jami'in da na tarar yadda aikinmu yake tafiya. Muna fara kwaɓi da ƙarfe 9 na dare, a bar ƙullu ya tashi, a yanka a mulmula daga tsakar dare, a shiga gashi daga ƙarfe 2 zuwa 5, sannan masu shayi da masu shago su fara zuwa ɗauka bayan sallar asuba. Yara uku gare ni a lokacin: ƙarami mai shekara 13, ɗan ƙanwata, da wani mai shekara 17 wanda ya fi wasu manya iya mulmula. Jami'in ya ɗauki takarda ya ce in faɗa masa ranar ɗan ƙanwata daga farko zuwa ƙarshe. Yana shigowa ƙarfe 8 na dare, ya fita ƙarfe 7 na safe, ya dawo ƙarfe 4 na yamma ya wanke faranti har ƙarfe 6, ya ɗan ci abinci ya sake dawowa. Da aka haɗa, awa 13 ke nan a kowace rana, kuma hutu mafi tsawo da yake samu awa 9 ne, cikin rana tsaka, a gidan da yara ke kai da komo. Ban taɓa ganin lissafin a rubuce ba sai ranar, kuma na ji kunya.

Abin da ya bayyana mini ya ginu ne kan dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, da dokar aiwatar da ita ta shekarar 2017. Ba a ɗaukar yaro aiki a masana'anta ko kamfani kafin ya cika shekara 14, ko da da sunan ɗan koyo ne, kuma wannan ne adadin da Nijar ta ayyana lokacin da ta amince da yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1978. Akwai sassauci ga masu shekara 12 da 13, amma na aiki ne marar nauyi wanda ba na masana'anta ba, kamar tsinkar 'ya'yan itace da tantance su, bai wuce awa 2 a rana ba, bayan an tashi daga makaranta, kuma da izinin jami'in ƙwadago. Gidan burodi mai injin kwaɓi da tanda bai shiga wannan sahu ba, don haka maganar ƙaramin yarona ta ƙare a nan take. Na sallame shi ya koma makaranta, na ci gaba da aika wa uwarsa burodin safe, domin na san shi ne rabin dalilin da ya sa ta kawo shi.

Na shiga ofishin ina zaton shekara 14 ce iyaka guda ɗaya, wanda ya haye ta ya zama kamar kowa. Ashe akwai iyaka ta biyu a shekara 18, kuma ita ce ta fi shafar mai gidan burodi. Duk wanda bai kai 18 ba an hana shi aikin dare, kuma dole ne ya sami dogon hutu na awoyi a jere, wanda tazarar ƙarfe 10 na dare zuwa ƙarfe 5 na asuba take cikinsa. Wannan tazara kuwa ita ce zuciyar sana'armu, domin a cikinta ake yanka, a mulmula, a gasa. Kalmar "a jere" ita ma tana da nauyi, tunda awa 9 da rana da awa 2 da magariba ba su zama hutu ɗaya ba a idon doka, kuma jikin yaro ma bai ɗauke su haka ba, kamar yadda damtsen ɗan ƙanwata ya nuna. Haka nan aiki mai haɗari haramun ne ga wanda bai kai 18 ba, kuma jami'in ƙwadago yana da ikon sa likita ya duba yaro don a ga ko aikin ya fi ƙarfinsa. Idan ya fi, sai a canza masa wani, idan babu wani kuma a sallame shi da haƙƙinsa.

Kafin in tsara komai sai da na san shekarun kowa, kuma nan na sha wahalar da ban zata ba. Ƙanwata ta ce ta haife shi ne a daminar da aka yi fari, shekara biyu bayan yayansa, amma takardar haihuwa babu, don a gida aka haife shi kuma ba a kai rahoto ba cikin wa'adi. A irin wannan hali kotu ake zuwa da shaidu a nemi hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, sannan a kai shi ofishin magajin gari a rubuta. Mun yi haka, muka haɗa da katin makarantar firamare da ya bari a aji huɗu, aka tsayar da shekararsa, ya tabbata ɗan 15 ne. Daga baya, da labari ya bazu cewa ina neman takarda, wani ya zo mini da takardar da ta nuna shekara 19 alhali muryarsa ba ta gama buɗewa ba. Na tambaye shi sunan da ke jiki, ya yi jim kafin ya amsa, na tambaye shi shekarar da ya shiga aji ɗaya, lissafin ya ƙi haɗuwa da kusan shekara huɗu. Takardar yayansa ce. Tun ranar nake tambayar waɗannan abubuwa biyu kafin in buɗe takardar a gaban mai ita, kuma ina ajiye kwafinta a cikin rajistar ma'aikata.

Sabon tsarin ɗan ƙanwata ya zama daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana, da rabin awa na karin kumallo, kwana shida a mako, Juma'a hutu. Awa 6 da rabi sau shida ya ba da awa 39, ƙasa da awa 40 da doka ta ɗauka a matsayin makon aiki, kuma tsakanin tashi da dawowa yana da awa 17. Da gangan ban sa ƙarfe 5 ba ko da yake doka ba ta hana ba, saboda na san halin gidan burodi: wanda aka ce ya zo ƙarfe 5 zai iso da saura kwata, ya tarar faranti na ƙarshe na fitowa, wani ya ce masa ya kama, kuma cikin mako guda ya koma ɗan gaban tanda. Aikinsa yanzu ƙirga burodi ga masu ɗauka, rubuta bashi, wanke faranti bayan sun huce, da auna gishiri da yisti na kwaɓin dare. Da misalin ƙarfe 10 muna yin ƙaramin kwaɓi na burodin yamma, kuma a nan yake koyon yanka da mulmula a kan tebur, domin uwarsa sana'a ta kawo shi koyo. Abubuwa uku na hana shi da bakina, bisa shawarar jami'in: sa hannu cikin injin kwaɓi ko goge shi yana juyawa, tsayawa a bakin tanda, da ɗaukar buhun fulawa mai kilo 50, wanda da kaɗan yaron ya fi shi nauyi.

Mai shekara 17 shi ya fi ba ni wuya, kuma har yanzu ina ganin yana da hujja a ɓangarensa. Ya same ni a ƙofar sito ya ce: "Alhaji, wata takwas ya rage mini, kuma kai ka san babu mai hannuna a cikinsu. Idan ka mai da ni safe, kuɗin dare fa?" Gaskiya ya faɗa, don masu aikin dare sun fi samu, kuma shi ke ciyar da ƙannensa biyu. Na ce masa doka ranar haihuwa take dubawa, kuma idan wani abu ya same shi ƙarfe 2 na dare ba ni da bakin magana ko a gaban hukuma ko a gaban mahaifiyarsa. Abin da muka daidaita a kai shi ne ya karɓi ragamar kwaɓin rana gaba ɗaya, in bar masa albashinsa yadda yake, ni kuma in ɗauki babban mutum ɗaya ya cike gurbin dare. Wannan ƙarin albashi ya ci ribar wata biyu kafin burodin yamma ya kama kasuwa ya fara biyan kansa.

Inda tsarin ya fi samun tangarɗa shi ne watan azumi da jajibirin salla, lokacin da oda ke ninkawa, ko daren da wuta ta ɗauke aka koma kwaɓi da hannu. A azumin farko na shigo ƙarfe 11 na dare na tarar da ɗan ƙanwata yana jera ƙullu, shugaban masu aikin dare ne ya aika a kira shi saboda wani bai zo ba. Yaron ya ce: "Kawu, awa ɗaya kawai zan yi." Na sa shi a bayan babur na mayar da shi gida, na dawo na ɗaura ɗamara na tsaya a wurinsa har asuba. Washegari na kafa littafi a bakin ƙofa wanda kowa ke rubuta lokacin shigarsa da fitarsa, na kuma riƙe lambobin manya biyu da ake kira a biya su kuɗin dare ɗaya idan aiki ya yi yawa. Alamar da nake dubawa yanzu mai sauƙi ce: idan na ga yaro yana kuskuren ƙirga burodi da safe ko yana jingina da bango, littafin nake fara buɗewa, sannan in tambayi mai gadi wa ya gani cikin dare.

Mai shekara 17 ya cika 18 bayan wata takwas ɗin, ya kawo mini takardarsa da kansa, na canza layinsa a rajista, ya koma aikin dare a makon. Ɗan ƙanwata yana da sauran shekara guda, kuma shi ke riƙe da kwaɓin rana yanzu.