Inda aka kwana a suwaitar Yaya: gyaran ƙirji da ƙarin tsawon hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon saƙa. Suwaitar da nake saƙa wa yayata a nan ƙauyenmu da ke kusa da Ringim ta wuce ƙirji, hannun dama ya kammala, na hagu kuma ya kai gwiwa, don haka na ga ya dace in rubuta muku lissafin da na bi tun yana sabo a kaina. Rigar irin wadda ake farawa daga wuya a gangaro ƙasa ce, da tsinke mai igiya, ana saƙawa a zagaye, ana ƙara ido takwas duk bayan zagaye biyu a kan layuka huɗu da suka taso daga wuya zuwa hammata. Yaya doguwa ce mai cikar ƙirji, amma kafaɗarta ba ta da faɗi, kuma babu girman da ke cikin takardar tsarin da ya dace da ita kai tsaye.

Da tsinke mai kaurin milimita 4 da zaren ulun roba da aka sayo mini daga Kano, ƙyallen gwajina ya ba ni ido 20 da layi 28 a santimita 10, bayan na wanke shi ya bushe a shimfiɗe. Duk alƙaluman da za su biyo baya a kan wannan suka dogara. Wadda hannunta ya fi nawa sakewa ko matsewa sai ta ƙirga nata ta sauya lissafin.

Hukuncin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne zaɓen girma, kuma a nan ne nake ganin yawancinmu muke ɓata rigar tun kafin mu ɗaura idon farko. Na auna Yaya a wuri biyu, tana sanye da rigar atamfar da za ta riƙa ɗora suwaitar a kai. Saman ƙirji, wato inda tef ke bi ta ƙarƙashin hammata, ya ba da santimita 92, inda ƙirjin ya fi cika kuma ya ba da 102. Da na bi awo na biyu na ɗauki babban girma, da wuyan rigar ya buɗe, kafaɗa ta zubo kan damtse, baya kuma ya yi jaka, domin takardar tana raba faɗin daidai tsakanin gaba da baya, alhali cikar jikin Yaya a gaba kaɗai take. Saboda haka na ɗauki girman da ya dace da kafaɗarta, wanda faɗinsa bayan an gama santimita 102 ne, wato ido 204, rabi a gaba rabi a baya. Wannan faɗin zai zauna mata cif ba tare da sarari ba, ni kuwa ina son a sami sararin santimita 5, wanda ya kama ido goma.

Idanun goman nan duka a gaba na saka su. A zagaye goma na ƙarshe kafin a ware hannuwa daga jiki, akwai zagaye biyar da takardar ta ce a saƙa ba tare da ƙari ba. A kowane ɗayansu na ƙara ido ɗaya a gefen dama na gaban rigar da ɗaya a gefen hagu, dab da layin da ya taso daga wuya, ban taɓa baya ko hannuwa ba. Gaba ya zama ido 112, baya ya tsaya a 102. Amfanin yin haka shi ne zurfin hammata bai canja ba, domin ban ƙara ko zagaye ɗaya ba. Wadda ta ci gaba da zagaye don ta sami faɗi za ta tarar hammata ta sauka ƙasa, kuma duk lokacin da mai rigar ta ɗaga hannu sai rigar gaba ɗaya ta bi ta sama.

Faɗi kaɗai ba ya warware matsalar, kuma wannan ne wurin da nake so mu tsaya sosai. Zaren da ya bi ta kan ƙirji yana da tafiya mai nisa fiye da wanda ya bi ta baya, don haka idan tsawon gaba da baya ɗaya ne, bakin rigar zai ɗage a gaba ya sauka a baya. Idan mai rigar ta tsaya kika dube ta daga gefe, za ki ga bakin ya karkace, kuma ga wasu tattara da suka taso daga ƙirji suka nufi gefe. Telolinmu suna magance wannan da dat a rigar atamfa, su naɗe yadin da ya yi yawa a gefe su ɗinke. Mu a saƙa akasin haka muke yi: muna ƙara layuka a tsakiyar gaba kaɗai, waɗanda ba sa kaiwa gefe, shi ya sa ake kiran su gajerun layuka.

Na ɗaura wa Yaya zare a ƙugu, na tabbatar ya daidaita gaba da baya, sannan na auna daga kan kafaɗa kusa da wuya zuwa zaren. Ta gaba, bisa inda ƙirji ya fi tudu, na sami santimita 46, ta baya 41. Bambancin 5 ne, amma tun da saƙa tana miƙewa da kanta, na ɗauki 4, wanda a hannuna ya kama kimanin layi 12, wato juyawa shida a dama da shida a hagu. Ina ganin gara a rage kaɗan da a cika, domin layukan da suka yi yawa sukan bar ƙunci a ƙarƙashin ƙirji, wanda ya fi ɗagewar baki muni a ido.

Sai batun inda za a juya. Ba a son wurin juyawa ya hau kan tudun ƙirji, domin zai bayyana. Tsakanin tudun dama da na hagu santimita 20 ne, na ƙara 3 a kowane gefe, ya zama 26, wato ido 52 a tsakiya da ba za a juya a cikinsu ba. Idan aka cire 52 daga 112, saura 60, talatin a kowane gefe, kuma talatin a raba shida ya ba da biyar. Na saƙa har saura ido 5 in kai alamar gefe, wadda ɗan ƙullin jan zare ce, na juya na dawo da saƙar baya har saura 5 a ɗaya gefen, na sake juyawa. A karo na biyu na tsaya saura 10, sannan 15, haka har 30. Don kada a sami huda a wurin juyawa, na bi salon da ake dangantawa da Jamus: bayan an juya, a zare idon farko zuwa tsinken dama ba tare da an saƙa shi ba, zare yana gaba, sannan a ja zaren ta kan tsinke zuwa baya har idon ya nuna ƙafa biyu. Idan aka dawo kansa a zagayen rufewa, ƙafafun biyu a haɗe ake saƙa su a matsayin ido ɗaya. Bayan wannan zagayen a ƙirga gaba, in ya wuce 112 to an saƙa wani a rabe.

Takarda ba za ta faɗa miki inda za ki fara layukan ba, jikin mai rigar ne zai faɗa. Na zura idanun a dogon zare na sa Yaya ta gwada, na fara lokacin da bakin saƙar ya rage kamar yatsu biyu ya kai tudun ƙirji. Da aka sake gwadawa bayan na wuce wurin, bakin ya tsaya a miƙe daga gaba har baya. Idanu goman da na ƙara kuwa ban rage su ba, domin a kan zani za ta riƙa saka rigar kuma ba ta son abin da zai kama mata ciki. Wadda ke son rigar ta bi jiki tana iya rage biyu duk bayan zagaye shida har sau biyar.

Hannu ya fi sauƙi, amma yana da tarko ɗaya. Takardar ta ba da santimita 43 daga hammata zuwa baki, Yaya kuma 50 take bukata. Daga hammatar rigar na auna tana sanye da ita, hannunta a ɗan lanƙwashe, domin hammatar riga tana ƙasa da ta jiki, hannun da aka auna a miƙe kuma yakan gaza idan an lanƙwasa gwiwa. Ana farawa da ido 68 a damtse a ƙare da 44, wato rage biyu-biyu sau goma sha biyu, kuma takardar ta ce duk bayan zagaye takwas. Da na bi haka na ƙara tsawon a ƙarshe, da hannun ya gama tsukewa tun yana kan kaurin sangalin hannu, ya matse ta a nan. Sai na cire santimita 6 na bakin roba, wato bakin hannun da ke miƙewa ya koma, daga 50, saura 44, wato kimanin zagaye 123, na raba goma sha biyu, ya ba ni rage duk bayan zagaye goma da ragowar uku.

Akwai abin da masu rubuta waɗannan takardu ba su yi tunaninsa ba, shi ne alwala. A hunturu mace ba za ta tuɓe suwaita da asuba don ta wanke hannu zuwa gwiwa ba, naɗewa za ta yi. Saboda haka na rufe bakin hannun da tsinken da ya fi wanda na yi aikin da shi kauri, kuma kafin in yanke zaren na sa Yaya ta ture hannun har bayan gwiwa. Ya wuce ba tare da ya shata mata fata ba, ya kuma koma yadda yake da ta sauke shi.

Game da zare, duk waɗannan ƙare-ƙaren a lissafina ba za su cinye ƙulli ɗaya mai giram 50 ba, amma a saye shi tare da sauran, domin launi iri ɗaya da aka rina a lokuta daban yakan bambanta a rana, kuma daga ƙauye ba kullum ake samun mai zuwa birni ba. Shi ya sa ma na dakatar da jikin rigar a ƙugu na koma kan hannuwa, tun da tsawonsu ba ya karɓar ragi, na jiki kuwa yana karɓa. Idan hannun hagu ya kammala in sha Allahu, zan wanke rigar tun idanun jikin suna kan zare, in shanya ta a shimfiɗe a kan tabarma cikin inuwa, in sake auna hannuwan biyu, sannan in yanke shawarar tsawon da zan ba jikin da abin da ya rage na zare.