Zan tafi Leeds, ku yafe mini

Assalamu alaikum. In Allah ya yarda, Lahadi mai zuwa zan hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga can sai Birtaniya, inda zan yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Leeds. Wanda bai ji daga bakina ba ya yi haƙuri, sai da biza ta shigo hannu na yarda na yi magana.

Samun gurbi bai wahalar da ni ba. Inda na sha wuya shi ne shaidar kuɗi, a nan ne kuma 'yan uwa suka tsaya mini. Ofishin biza yana so ya ga ragowar kuɗin makaranta da na zaman wata tara sun kwana 28 a jere a asusu, ba tare da sun gaza adadin ba ko da rana ɗaya. Kawu ya ce, "Ɗauki takardar bankina mana, ai ni ma ubanka ne." A gida haka ne, amma su asusunka ko na iyayenka ko na wanda doka ta ba riƙonka kawai suka sani. Sai aka tattaro komai zuwa nawa: kwasar adashen Umma, kuɗin filin da Yaya ya sayar a Rigachikun, da abin da Kawu ya turo daga shagonsa na Kasuwar Bacci.

A kwana na 19 na yi wauta. Na ciri kuɗin gwajin tarin fuka daga wannan asusun, washegari na mayar, ina ganin ba komai. Wani abokina ma'aikacin banki ya bi takardar da yatsa layi-layi, ya tsaya a kan ranar, ya ce, "Malam, lissafinka ya koma ɗaya." Ashe mafi ƙarancin abin da ya kwana a asusun ake dubawa. Shi ne kuma ya tuna mini cewa da canjin ranar da ka tura takardun neman biza ake mayar da naira fam, saboda haka in naira ta faɗi, kuɗin da suka isa jiya sai su gaza yau. Gwaggo ta sayar da awarwaronta muka ɗora kashi goma cikin ɗari a kai. Katin cirar kuɗin kuwa Umma ta ƙulle shi a bakin zani har kwanakin suka cika.

Baba, Umma, Allah ya saka da Aljanna. Kawu, Yaya, Gwaggo, na rubuta abin kowa a littafi, ko da kun ce ba bashi ba ne. Abokaina na majalisar Unguwar Rimi da kuka yi ta kai ni tasha da asuba, na gode.

Asabar bayan La'asar ina gida, mai son sallama ya zo. Kilishi da yaji dai Umma ta riga ta cika jaka, kilishin ma an ce ba a shiga da nama, a nan za mu cinye shi.