Talata, ni da kwamfutar Yaya

Bayan azahar Yaya ta aiko mini da kwamfutarta, wai ta kamu da bairos. Ina kunnawa sai ga tallace-tallace suna fitowa a kusurwar dama ta ƙasa: wani na caca, wani yana cewa kwamfutar ta harbu, a latsa nan a wanke ta. Da na buɗe Chrome kuma, wani shafin bincike da ban taɓa gani ba ne ya tarbe ni maimakon Google.

Cuta biyu ce, kowace da maganinta. Tallan da ke fitowa a kusurwa ko da an rufe shafin, ga sunan wani gidan yanar gizo a rubuce ƙanana a jikinsa, sanarwa ce da aka ba izini. Na kira ta na ce, "Yaya, akwai inda aka ce ki latsa Allow?" Ta ce ƙwarai, ranar da take neman sauke wani fim aka ce ta latsa don a tabbatar ita mutum ce. Dabararsu ke nan. Wannan maɓalli ba ya tantance kowa, ƙofa kawai yake buɗe wa masu talla.

Na rubuta wannan a gurbin adireshi:

```
chrome://settings/content/notifications
```

A jerin waɗanda aka yarje wa, ga sunaye barkatai marasa ma'ana. Kowanne na latsa ɗigo ukun da ke gefensa na zaɓi Block. Ban zaɓi Remove ba da gangan, domin shi goge izinin kawai yake yi, gobe shafin ya sake tambaya, Yaya kuwa na san hannunta da saurin latsawa.

Sauya shafin farko kuma ba aikin sanarwa ba ne, ba ta da wannan ikon. Sai na leƙa `chrome://extensions`, inda ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza suke. Akwai wata mai da'awar juya takardu zuwa PDF. A cikin Details na ga tana da izinin karantawa da sauya bayanai a duk shafin da aka shiga. Me ya haɗa juya takarda da wannan? Na kashe ta tukuna, na rufe Chrome na sake buɗewa, baƙon shafin bai dawo ba. Da na tabbatar ita ce, na cire ta ɗungurungum, na duba On startup da Search engine na ga komai ya koma daidai.

Da ta ƙi ciruwa, ko na ga an rubuta Managed by your organization alhali kwamfutar gida ce, to da matsalar ta wuce burauza, sai an nemo manhajar da ta dasa ta a cikin Windows. Alhamdu lillahi ba a kai nan ba.

Na ce ta sauya kalmar sirrin imel ɗinta a daren nan, tunda manhajar tana iya ganin abin da take rubutawa. Ta ce sai ta gama tuwo.