Abin da zubin kankare a bulon soso ya koya mini a Gombe

Bulon soso, wanda ake rubuta ICF a takardar odar kaya, fallen farin soso ne guda biyu da haƙarƙarin roba ya haɗe, da rami a tsakani inda rodi da kankare za su zauna. Galibi tsawonsa mita 1.2 ne, tsayinsa santimita 40, kaurin soson kowane gefe kusan santimita 6 da rabi. Jera shi ba wuya, lebura zai iya koya a yini guda. Ranar zubi ce ake gane ko ginin zai yi kyau, domin soson ba a cire shi kamar katako. Duk aibin da ya shiga ciki, ya ɓuya ke nan.

Ɗanyen kankare ruwa ne mai nauyi, kilo 2,400 a kowace kiyubik mita. Idan ka zuba tsayin mita ɗaya, ƙasan bangon na shan matsi na kusan tan 2.4 a kan kowace murabba'in mita. Ka cika mita uku a tashi ɗaya, matsin ya ninka uku, sai soso ya fashe a kusurwa ko a wurin da aka yanke bulo. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kada zubi ya wuce kamar mita 1.2 a awa: ka zagaye ginin, na farko ya ɗan kama jikinsa, ka dawo ka ɗora.

Amma wannan ƙa'ida an yi ta ne don masu famfon tura kankare. Mu a nan, da injin kwaɓa na buhu ɗaya da kwanon sarki, matsalarmu jinkiri ce. Ɗauki gida mai zagayen bango mita 40, tsayi mita 3, rami santimita 15. Kankarensa kiyubik 18 ne kafin a cire ƙofofi da tagogi, wato kiyubik 6 a kowane zagaye idan an kasa uku. Kwaɓin buhu ɗaya bai cika wuce kashi ɗaya cikin shida na kiyubik ba, don haka zagaye guda na cin kwaɓi wajen 36. A minti biyar-biyar, awa uku ke nan. A zafin Maris da Afrilu, da rana ke kai maki 40, kafin ka dawo mafari na farkon ya riga ya daskare, sabon ba zai haɗu da shi ba, sai a sami layin rauni da zai riƙa tsatsar ruwa da damina. Ana gane haka da faibireta, wato sandar girgiza kankare: idan ta ƙi nutsewa cikin zubin baya da nauyin kanta, lokaci ya wuce. Maganin da na ga ya yi aiki shi ne inji biyu, a fara bayan asuba, ko a raba bangon gida biyu da katanga ta wucin gadi, rodin kwance na ratsa ta.

Sai batun ruwa, wanda nake yawan faɗa a kansa. Ramin ƙunci ne, ga rodi ga haƙarƙari, dole kwaɓin ya yi laushi, awon silam, wato yadda tulin kwaɓi ke zubewa ƙasa idan an zare mazubinsa, ya kai milimita 125 zuwa 150, tsakuwa kuma ƙanana ta milimita 10. Lebura in ya ga kwaɓi ya yi tauri zai ce, "Injiniya, bari a ƙara masa ruwa kaɗan." Kada ka yarda. Ruwan na rage ƙarfin kankare, yana kuma ƙara matsi a kan soso. Sinadarin sassauta kwaɓi ake sawa. Faibiretar ma siririya ce, kanta bai wuce milimita 25 ba, a tsoma da sauri a zare a hankali.

Ƙasan taga ne wurin da ya fi cuta. Kankare ba ya gangarawa can da kansa, don haka a bar kafa a katakon ƙasan tagar, a fara cika nan. Bayan zubi, bi bango kana bubbugawa da tafin hannu. Inda ka ji amo kamar ganga, soka siririn ƙarfe, in ya shige akwai rami, a yanke soson a cike da ruwan siminti mai kauri. Tokara kuwa kowace mita 1.5 zuwa 1.8, kuma a daidaita miƙewar bango da igiya tun kankare na ɗanye.

Allon SIP, soso tsakanin fallen katako biyu, ba ya buƙatar zubi, amma ina ɗari-ɗari da shi a ƙasarmu ta gara. Gara ba ta cin soso, hanya take haƙawa a cikinsa har ta kai katako ba a gani ba. In dole ne, na fi son mai fuskar siminti ko ta kwano, a ɗaga shi sama kada ya taɓa ƙasa. Ko a bulon soson, ina barin tsiri na kankare tsirara, kamar santimita 15 a saman ƙasa, zagaye da ginin, don maigida ya hangi hanyar gara tun tana fara hawa.