Cinikin ƙarshen shekara da kayan suka fita a Janairu: na wace shekara ne?

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin akanta lokacin rufe littafi ya san yadda inbois ke yawa a satin ƙarshe na Disamba. Masu sayarwa na son cika taget, manaja na son adadin ya yi kyau, sai ka ga an buga inbois ranar 30 da 31 kamar ba gobe. Tambayar da ke biyo baya kullum ɗaya ce, wannan cinikin da aka rubuta a Disamba amma kayan ba su isa hannun kwastoma ba sai Janairu, na tsohuwar shekara ne ko na sabuwa?

Abin da aiki ya koya min shi ne kwanan watan da ke kan inbois ba shi ke yanke hukunci ba. Inbois takarda ce da mu muke bugawa da kanmu, duk ranar da muka ga dama za mu iya sa mata. Kuma shigowar kuɗi ma ba hujja ba ce, mutum zai iya biyanka yau ka kai masa kaya bayan wata biyu. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IFRS 15, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2018 ta maye gurbin IAS 18, cewa ta yi ana rubuta ciniki ne lokacin da iko da kayan ya koma hannun mai saye. Wato lokacin da shi ne zai ce a yi kaza da kayan, ya sayar ko ya ajiye ko ya yi amfani da su, kai kuma ba ka da ta cewa. Ta kawo alamomin da ake dubawa, irinsu ko kayan na hannunsa, ko mallaka ta koma sunansa, ko in sun lalace asarar wa ce, ko ya karɓa ya amince, ko ya zama dole ya biya. Ba a ɗaukar guda ɗaya a ce shikenan, haɗa su ake yi a duba.

Bari in kawo wani da muka yi fama da shi, na ɗan daidaita alƙaluman don lissafin ya zo da sauƙi. Shekararmu na rufewa 31 ga Disamba. Wani kwastoma ya yi odar katan 1,000, jimla miliyan 10, mu kuma kayan sun tsaya mana a miliyan 7, kenan kowane katan dubu 10 ake sayarwa, dubu 7 kuɗinsa. An buga inbois guda ɗaya na duka miliyan 10 ranar 29 ga Disamba, kuma ya riga ya turo miliyan 5 kafin nan. A leja komai lafiya lau, ciniki miliyan 10, ana binsa bashin miliyan 5. Sai da aka ɗauko webil, wato takardar da ke rakiyar kaya, daga sito aka jera kusa da inbois ɗin sannan aka ga ashe kayan kashi uku suka rabu. Katan 400 sun fita ranar 29, mai sitonsu ya sa hannu ranar 30. Katan 350 an loda su da yammacin 31, sa hannun karɓa kuma 2 ga Janairu. Sauran 250 ko motsi ba su yi ba, suna sitonmu har 6 ga Janairu.

Na 400 ɗin babu gardama, miliyan 4 na tsohuwar shekara ne.

Na 350 ɗin nan ne aka daɗe ana ja. Manajan sayarwa ya ce ai mota ta bar ƙofarmu kafin shekara ta ƙare, ga littafin maigadi ma ya nuna lokacin. Gaskiya ne ta fita, amma fita daga ƙofarmu ba shi ne shiga hannun kwastoma ba, sai an koma ga yarjejeniya an ga a ina aka ce za a miƙa kayan. Tamu ta ce mu za mu kai har sitonsu, da motar da muka ɗauko haya, kuma sai sun ƙirga sun sa hannu. Toh da motar nan ta faɗi a hanya daren 31, wa zai yi kuka? Mu ne, kwastoma zai ce ni ban ga komai ba ku kawo min wasu. Tunda haka ne kayan namu ne har 2 ga Janairu, miliyan 3.5 ɗin ya tafi sabuwar shekara. Da a ce shi ne ya turo motarsa, direbansa ya sa hannu a ƙofarmu ranar 31, da amsar ta juya gaba ɗaya, ko da motar ta kwana uku a hanya cinikin na Disamba ne. Kaya ɗaya, hanya ɗaya, rana ɗaya, layi guda a cikin yarjejeniya ne ya raba.

A cinikin ƙasa da ƙasa wannan layin yakan zo da haruffan Incoterms, wato gajerun sunayen sharuɗɗan miƙa kaya. In an rubuta DAP, haɗarin kayan na wuyan mai sayarwa har su isa wurin da aka ambata. In FOB ne, da zarar an loda a jirgin ruwa ya koma kan mai saye. Wanda ke rikita mutane shi ne CIF, saboda mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora sai a ɗauka kayan nasa ne har su sauka, alhali haɗarin ya bar wuyansa tun a tashar da aka yi lodi. Su ma dai haruffan ba su kaɗai ake kallo ba, in kamfani ya saba duk kayan da suka lalace a hanya yana mayar wa kwastoma da wasu kyauta duk da takarda ta ce FOB, odita mai ido zai tsaya ya yi tambaya.

Sai na 250 da ke kwance a sito. Nan aka kawo hujjar cewa kwastoma ne ya ce a riƙe masa don sitonsa ya cika. Irin wannan ana yarda da shi, IFRS 15 ta buɗe ƙofar a rubuta ciniki kaya na hannun mai sayarwa, amma ƙofar ƙunci gareta, sharuɗɗa huɗu ne kuma sai duk sun cika. Dole dalilin riƙewar ya zama na gaske, misali shi mai sayen ne ya nema. Dole an ware kayan daban an san nasa ne. Dole sun gama shiryuwa, in ya zo yanzu a loda masa. Sannan mu ba mu da damar taɓa su ko mu ba wani. Da muka nemi takardar da ya roƙi a riƙe masa, babu, wai a waya aka yi maganar. Muka shiga sito, katan ɗin na cikin tulin sauran kaya, ba lamba ba suna, mai sito ma ya ce shi ba wanda ya gaya masa akwai na wani a ciki, duk wanda ya zo da takarda daga nan yake ɗiba. Maganar ta mutu a nan. Ni a ganina mai sito ya fi kowa faɗin gaskiya a irin wannan, don shi ba bonas yake jira ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, kamfanin Sunbeam na Amurka da irin wannan dabarar ta buga inbois a riƙe kaya ya kumbura cinikinsa na 1997, daga baya dole aka sake fitar da lissafin, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta shigo ciki.

Kenan cinikin Disamba miliyan 4 ne, miliyan 6 ya fita. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne ɓangaren kaya, don duk cinikin da ka cire sai kayansa sun dawo cikin kayan rufe shekara, a kuɗin da suka tsaya maka, ba kuɗin sayarwa ba. Mu da ƙirgar sito ta daren 31 muke fitar da kuɗin kayan da aka sayar. Katan 350 na kan hanya lokacin, ba wanda ya ƙirga su, saboda haka sai an ƙara miliyan 2.45 a matsayin kayan da ke hanya. Amma 250 ɗin an ƙirga su tunda suna nan a tuli, in ka sake ƙarawa ka ninka. Ka lura da abin da ya faru kafin gyara, an ce an sayar da su an rubuta miliyan 2.5, kuma an ce suna nan an ƙirga, wato an ci tuwo biyu. Ribar gaskiya a kansu dubu 750 ce kawai, amma duk miliyan 2.5 ɗin ne ya zauna a riba don babu kuɗin kaya da aka cire a gabansa. Shi ya sa da aka gama gyara riba ta sauka da miliyan 3.55, ba miliyan 1.8 da manaja ya lissafa a kansa ba, wato ribar dubu 3 sau katan 600. Cire miliyan 6, mayar da 2.45, abin da ya rage kenan.

Kuɗin da ya biya ma sai da aka taɓa. Ya ba da miliyan 5, an kai masa na miliyan 4, toh ranar 31 ba mu ke binsa ba, shi ke binmu kayan miliyan 1. Bashin miliyan 5 da ke leja ya goge, miliyan 1 ya koma ɓangaren abin da ake binmu.

Akwai wata hujja da nakan ji duk shekara, wai ai kafin a sa hannu kan lissafin a Maris kayan sun daɗe da isa, kwastoma ya biya, me ya rage? Ana jingina ta da IAS 10, mai maganar abubuwan da suka faru bayan ranar rufewa. Amma ita abin da ta yarda a gyara da shi shi ne wanda ya ƙara haske kan halin da ake ciki tun ranar 31. Kai kaya ranar 2 ga Janairu sabon abu ne da ya faru a Janairu, hasali ma shi ne shaidar cewa ranar 31 ba a kai ba.

Yadda nake duba abin yanzu ba wuya. Daren ƙirga ina rubuta lambar webil ta ƙarshe da aka yanka kafin a rufe ƙofa, don duk lambar da ta biyo bayanta ta sabuwar shekara ce komai kwanan watan da aka rubuta da biro. Sai in ɗauki webil na kwanakin ƙarshen Disamba da na farkon Janairu in bi kowanne zuwa inbois ɗinsa, in kuma juyo daga inbois zuwa webil, don in ka bi hanya ɗaya kawai inbois ɗin da ba shi da webil sam ba zai taɓa fito maka ba. Ranar da nake nema ita ce wadda kwastoma ya sa hannu, ba wadda muka buga ba. Daga nan sai in buɗe lejar Janairu da Fabrairu in duba cinikin da aka soke da kayan da aka dawo da su, in na ga babban inbois na 31 ga Disamba an soke shi a sati na biyu na Janairu, ko kwastoman da ya saba ɗaukar katan 100 a wata ya ɗauki 900 rana ɗaya kuma an ba shi wata shida ya biya, wannan fayil ɗin nake fara ɗauka, in nemi yarjejeniyar da duk wata wasiƙa da aka yi a gefe kan damar dawo da kaya.